Sifili Ɗaya Ya Faɗi a Farashi: Dole Ne Mai Kaya Ya Sallama?

Kwanakin baya wata rigima ta tashi tsakanin 'yan unguwarmu, kuma har yanzu ba ta kwanta ba. Wani matashi mai sayar da wayoyi, wanda ya buɗe ɗan shafin karɓar oda a intanet, ya saka sabuwar waya da daddare. Kuɗinta naira 285,000. Yaron shagon da ke shigar da farashi ya manta sifili ɗaya, sai ta fito 28,500. Kafin a kira asuba an yi odar guda 40, an biya, alat sai shigowa yake yi. Mutum ɗaya ya kwashi goma.

Da gari ya waye mai shago ya ga ɓarnar da aka yi, ya gyara farashin, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana ba da haƙuri yana mayar da kuɗi. Mafi yawa sun karɓa. Mai goman nan kuwa ya ce atafau sai waya. Ya yaɗa hoton rasit, ya kira mai shagon macuci, ya ce kotu ce za ta raba su. Abin da ya ƙona min rai shi ne yawan waɗanda suka mara masa baya, har da 'yan kasuwar da na san ko naira ɗari ba sa yafewa a lissafi.

Matsayina a fili yake. Idan kuskuren farashi ya kai wanda duk mai hankali zai gane da kallo ɗaya, babu dole a kan mai kaya, abin da ke kansa shi ne ya mayar da kuɗin mutane cif, nan take. Idan kuwa farashin da ya fita abu ne da zai iya zama gaskiya, kuma mai kaya ya riga ya amsa oda, to ciniki ya faɗa, ya rungumi asararsa. Abin da ke raba biyun shi ne tambaya guda: mai saye ya san kuskure ne ko bai sani ba?

"Ai shi ya rubuta da hannunsa"

Wannan ce hujjar farko, kuma tana da ƙarfi a kunnen Bahaushe, don mun taso a kan cewa magana zarar bunu ce. Amma a duba yadda muke ciniki tun kaka da kakanni. Mai kaya ya faɗi suna, mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, a ja a ja, sai can ya ce "na sallama". Kafin wannan kalma babu ciniki. Kuma ko bayan an faɗe ta, kowa ya san bambancin sallamawa da tuntuɓen harshe. In mai sa a kara ya ce "dubu tara" alhali dubu ɗari tara yake nufi, dillalai dariya za su yi. Babu wanda zai kama igiya ya ja yana cewa an sallama masa, in kuwa ya yi, sarkin kasuwa ba zai saurare shi ba.

Dokar kwantiragin da kotunan Nijeriya suka gada daga Ingila ma kusan haka take kallon abin. Farashin da aka manna a jikin kaya gayyata ce a zo a taya. Mai saye ne ke kawo tayi, mai kaya ya amsa ko ya ƙi. Shi ya sa manyan kantunan intanet da yawa suke rubutawa a sharuɗɗansu cewa saƙon "mun karɓi odarka" shaida ce kawai ta cewa oda ta iso, ciniki ba ya ƙulluwa sai sun tura kaya.

Sai dai ba na so in jingina da wannan sosai. Ƙananan 'yan kasuwarmu ba su da irin waɗannan sharuɗɗa. Matashin nan shafinsa yana karɓar kuɗi ya tura saƙon tabbatarwa da kansa, ba tare da kowa ya duba ba. Mai saye yana da gaskiya in ya ce wannan ya yi kama da sallamawa. Don haka a bar jayayya a kan ko an ƙulla ko ba a ƙulla ba. Mu ɗauka an ƙulla. Tambayar ita ce ko irin wannan ƙulli yana riƙewa.

Abin da ya faru a Singafo

An taɓa kai irin wannan magana gaban alƙali, kuma ta yi kama da tamu kamar an tsaga kara. A watan Janairun 2003 wani kamfani mai suna Digilandmall a Singafo ya saka injin firinta na HP a shafinsa a kan dala 66 ta ƙasar, alhali kuɗinsa dala 3,854. Labari ya bazu cikin dare. Wasu mutum shida da suka san juna suka yi odar 1,606 a tsakaninsu. Wato da kuɗin da bai fi dala dubu ɗari da shida ba, suna neman kayan sama da dala miliyan shida. Na'urar kamfanin ta tura musu saƙon tabbatarwa. Da kamfanin ya farga ya soke, sai suka kai ƙara.

Babbar kotu a 2004 ta ba kamfanin gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2005. Abin lura shi ne kotun ba ta ce saƙon na'ura banza ba ne, ta yarda cewa zai iya ƙulla ciniki. Abin da ya rushe cinikin shi ne masu sayen sun san kuskure ne. Ta yaya aka gane? Daga halinsu. Mutumin da ba sana'ar firinta yake yi ba ya tashi tsakar dare yana odar ɗaruruwa, yana gaggawa kafin gari ya waye, yana kiran abokai su zo su kwasa. Wanda ya ɗauka farashin gaskiya ne ba ya wannan rawar jiki.

Ƙa'idar ma ta girmi intanet. A 1939 a Ingila wasu 'yan kasuwa sun sayar da fatun zomo 30,000, suka rubuta farashi a kan nauyi maimakon a kan kowace fata, alhali al'adar sana'ar da duk maganar da suka yi a baya a kan ɗaiɗai take. Mai saye ya yi wuf ya amsa. Kotu ta ce ba zai yiwu bai gane kuskure ba ne, don haka ba shi da abin kamawa.

Yanzu a dawo kan mai wayoyi goma. A ranar da ya biya, ko wayar hannu ta biyu mai fasasshen gilashi ta wannan samfuri ba za a ba shi a 28,500 ba. Ya sani. Odar goman ita ce shaidarsa a kan kansa. Da ɗaya ya saya don amfaninsa, da sai a ce wataƙila bai san kasuwa ba.

A buga lissafin

Masu cewa "ya ɗauka a matsayin darasi" ban jin sun ɗauki biro. Mai shagon yana saro wayar a 260,000, ya ci ribar 25,000. In ya bayar a 28,500, kowace waya ta tafi da 231,500 daga uwar kuɗi. Sau 40, naira miliyan 9 da dubu 260 ke nan. Kafin ya mayar da wannan sai ya sayar da wayoyi wajen 370 a cikakkiyar riba, ba hayar shago, ba kuɗin yaro, ba abinci. Kuma irin waɗannan matasa yawanci kayan ma ba nasu ba ne, na maigida ne da ya ba su bashi a kan amana. Wanda ake so a ruguza saboda sifili ɗaya ke nan.

Shi kuwa mai saye, in an mayar masa da kuɗinsa da safe, me ya rasa? Garaɓasar da tun farko ba tasa ba ce.

"Amma manyan kamfanoni suna cikawa"

Gaskiya ne, wasu suna yi. A farkon 2019 kamfanin jiragen sama na Cathay Pacific ya sayar da tikitin manyan kujeru daga Biyetnam zuwa Arewacin Amurka a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na ainihin farashi ba, ya fito ya ce kuskure ne amma zai ɗauki mutanen. A 2010 shafin 6pm.com na Amurka ya yi 'yan sa'o'i yana sayar da kaya ba abin da ya wuce dala 49.95, ya yi asarar sama da dala miliyan 1.6, ya cika. Amma a 1999 kantin Argos na Birtaniya ya sa talabijin ta kusan fam 300 a kan kusan fam 3, ya ƙi bayarwa.

Waɗanda suka cika sun yi ne don sun ga sunan da za su samu ya fi asarar, talla ce suka saya da kuɗinsu. Kyauta ce. Mai hali in ya yi kyauta a yaba masa, amma ba a mayar da kyautar attajiri ta zama farilla a kan mai tebur.

Akwai dai misali ɗaya da ya faɗa ɗaya ɓangaren, kuma shi ne ya fi koyarwa. A farkon 2002 kamfanin Kodak ya sa kyamarar fam 329 a kan fam 100, kuma a shafin an nuna ta a matsayin rangwame na musamman. Da farko ya ce kuskure ne ba zai bayar ba. Mutane suka taso, daga baya ya sauko ya cika. A ganina nan masu saye ne da gaskiya. Ragin ya yi yawa, amma an rubuta musu cewa ragi ne, kuma kyamara a fam 100 ba abin da hankali zai ƙi ba ne.

Inda ya zama dole a cika

A ce yaron shagon nan lambobi ya juya, ya rubuta 258,000 maimakon 285,000. Mai saye ya gani, ya kwatanta da shaguna biyu, ya ga nan ya fi sauƙi, ya biya, aka ce masa an karɓa. Wannan ba shi da hanyar sanin kuskure ne. Ragin dubu 27 a waya abu ne da ake yi kullum, musamman in sabon samfuri ya kusa fitowa ko mai kaya yana neman kuɗi da gaggawa. A nan babu zancen a kira shi a ce ya ciko. Mai shago zai faɗi da dubu biyu ƙasa da sari a kowace waya, ya haƙura, gobe ya duba kafin ya saka.

Tsakanin 258,000 da 28,500 akwai fili mai faɗi, kuma a nan rigimar gaskiya take. Babu wani kaso da za a yanke a ce daga nan kuskure ya bayyana, domin kaya sun bambanta. Rabin kuɗi a kan atamfar da yayinta ya wuce, bayan sallah, ba abin mamaki ba ne ga duk wanda ya san Kantin Kwari. Rabin kuɗi a kan buhun siminti ko giram ɗin zinare kuwa ko yaro ya san da walakin, don ribar da ke cikinsu siririya ce kuma farashinsu a bakin kowa yake. Sannan mai kaya da kansa yana iya faɗaɗa abin da hankali zai karɓa. In ka cika shafinka da "gagarumin rangwame", "mun karya farashi", "kashi 70 ya sauka", kai ka koya wa mutane su yarda da abin da ba su saba gani ba. Ba za ka dawo ka ce ai ya kamata su gane ba.

Don haka in ana shakka, ni mai saye nake ba gaskiya. Mai kaya ne ke riƙe da shafi, shi ya san sari, shi zai iya dubawa sau biyu. Nauyin nuna cewa kuskure ne, kuma bayyananne, a wuyansa yake.

Dokar kare masu saye fa?

Wani a cikin masu gardamar ya kawo dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ya yi daidai da ya kawo ta. Sashe na 115 ya hana ɗan kasuwa tilasta wa mai saye biyan fiye da farashin da aka nuna, in ma farashi biyu aka nuna, to a kan na ƙasa za a tsaya. Hukumar ba wasa take da wannan ba. A Fabrairun 2024 ta garƙame wani babban kanti a Abuja a kan zargin cewa abin da ke rubuce a jikin kanta daban, abin da ake caja wajen biya daban.

A nawa karatun, cutar da sashen yake magani ita ce wannan: ka ɗauki kaya a kan farashi, a zare maka fiye da shi, sau da yawa ba ka ma lura ba. Mai shagon da ya ce "kuskure ne, ga kuɗinka" bai karɓi ko kwabo fiye da abin da ya rubuta ba. Inda zai shiga hannu shi ne ya riƙe kuɗin ya ce ba waya ba kuɗi sai an ciko 256,500. Ciko zaɓi ne da za a iya miƙa wa mai saye, ba a ɗaure shi da shi.

Abin da muka karanta a zaure

Ga Musulmi maganar ba ta tsaya a kotu ba. Aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, sai dai kasuwanci bisa yardar juna. To ina yardar mutumin da yake barci lokacin da na'urarsa ta amsa farashin da bai taɓa nufa ba? Malaman Malikiyya sun tattauna abu mai kama da wannan a babin murabaha, wato cinikin da mai kaya ke faɗin uwar kuɗi a ɗora masa riba. Sun ce in ya yi kuskure ya faɗi ƙasa da abin da ya saya, kuma ya kawo hujja ko mai saye ya gaskata shi, to mai saye ya zaɓa: ko ya mayar da kaya, ko ya biya farashin gaskiya da ribarsa. Mas'alar ba ita ce tamu sak ba, amma ta nuna abubuwa biyu da nake kafa hujja da su: sai mai kaya ya tabbatar da kuskurensa, kuma zaɓi yana hannun mai saye, ba a tilasta masa ciko.

Ko a inda ciniki ya ƙullu sarai, akwai hadisin da Abu Dawuda da Ibnu Majah suka ruwaito a kan falalar wanda ya yarda ya warware wa ɗan'uwansa ciniki. Wannan kam kyautatawa ce, ba a kai mutum ƙara don ya ƙi.

Masu fakewa da "kuskure"

Hujjar da ta fi damuna cikin duk abin da aka faɗa ita ce ta wata baiwar Allah da ta ce: in aka buɗe wannan ƙofa, kowane mai kaya da ya ga dala ta tashi da rana sai ya ce farashin safe kuskure ne. Tana da gaskiya, ana yi. Akwai kuma masu saka farashin ƙarya da gangan don su tara jama'a da lambobin waya, in ka biya a ce "wancan ya ƙare, amma ga wani".

Ana iya bambance su. Kuskure na gaskiya yana da kamanni: sifili ya faɗi, lambobi sun juya, an sa kuɗin yadi ɗaya a kan turmi, ko kuɗin kwali ɗaya a kan katan. In ka ɗora shi kusa da farashin gaskiya za ka ga inda hannu ya zame. Wanda ya ce 240,000 kuskure ne, 285,000 yake nufi, sai ya yi bayanin wane yatsa ne ya kai shi can. Mai kuskure yana gyarawa da zarar ya gani, mayaudari yana barin tallan a sama yana ci gaba da karɓar kuɗi. Mai kuskure zai iya nuna rasit ɗin sari da abin da ya sayar jiya. Kuma kuskure ba ya zuwa duk mako.

Babban ma'auni dai shi ne kuɗi. Duk wanda ya ce kuskure ne, to a ranar zai mayar, ta asusun da aka biya shi, har da kuɗin aike da cajin turawa. Ban yarda da "zaɓi wani abu a shago" ba, ban yarda da "bari mu yi ciniki tukuna" ba. Wanda ya soke oda ya kwana uku da kuɗin mutane yana juyawa ya ci bashi ne ba da izini ba, kuma daga nan ni na bar bayansa. In mai saye ya yi wata asara ta zahiri saboda ya dogara da odar, misali ya biya ɗan sahu ya tsallaka gari don karɓar kaya, wannan ma mai shago ne zai ɗauka, don kuskuren daga gidansa ya fito.

In kuma kaya sun riga sun isa hannu kafin a farga, nauyi ya ƙara komawa kan mai kaya, domin a nan mutum ne ya ɗauko, ya naɗe, ya miƙa, yana da damar gani bai gani ba. A kuskure mai shakku, magana ta ƙare. A bayyananne irin na 28,500, ina ganin mai saye ya mayar ko ya ciko, amma mai shago ne zai aiko a ɗauka da kuɗinsa, kuma ba shi da bakin yin barazana.

Ga masu karɓar oda ta intanet, rigakafin ba shi da tsada. Kada wanda ya shigar da farashi ya zama shi ne mai sakinsa, wani ya sake dubawa. Kada a saka sabon kaya da tsakar dare a tafi barci. A ƙayyade adadin da mutum ɗaya zai iya saye a kaya masu tsada, biyu ko uku. Sannan a gyara saƙon da na'ura ke turawa ya ce an karɓi oda, za a tabbatar bayan an duba kaya da farashi, kuma a duba ɗin da gaske cikin 'yan sa'o'i, don wanda ya riƙe kuɗin mutum kwana biyu shiru ba zai zo ya ce bai sallama ba.